Abin da za a sa a takardar neman kuɗin daidaita bayanan rassa

Tambaya: Ni ne shugaban sashen kwamfuta a wani kamfani mai rassa shida, mu uku ne kacal a sashen. Kullum da yamma kowane reshe yana cike fayil ɗin Excel na ciniki da ragowar kaya ya turo ta imel, da safe wata ma'aikaciya a hedikwata ta haɗa su wuri ɗaya. Muna so mu nemi kuɗi a kafa tsarin da zai riƙa kwaso bayanan da kansa a lokutan da aka tsara. Bara mun kai maganar, aka ce mana ai abin da ake yi yana tafiya. Me zan rubuta a takardar bana?

Amsa: Malam, waɗanda suka ba ka amsar bara ba su yi ƙarya ba. Daga inda suke zaune, rahoto yana isowa teburinsu kowace safiya, lambobi a jere, babu wanda ya zo ya ce musu wani abu ya lalace. Abin da ba su gani ba shi ne wahalar da ake sha kafin rahoton ya iso, da kuma shekarun lambobin da ke cikinsa, wato tun yaushe suka daina zama gaskiya. Aikin takardarka shi ne ta nuna musu waɗannan biyun da lambobin kamfaninsu. Don haka shawarata ta farko ita ce kada ka fara rubutu yanzu. Ka fara da awo.

Ka je wajen ma'aikaciyar da ke haɗa fayilolin, ka roƙe ta ta riƙe ƙaramar rajista na sati huɗu, kuma ka tabbata ƙarshen wata ya faɗo a ciki, domin a nan ne abubuwa suka fi cakuɗewa. Kowace rana, ga kowane reshe, ta rubuta ƙarfe nawa fayil ya iso, ko sai da ta kira waya kafin ya zo, ko ta gyara wani abu a ciki, da kuma abin da ta gyara. Su ma rassan a tambaye su minti nawa cikewa da turawa ke ci musu. Kada ka ƙiyasta wannan da ka. Duk lambar da ka ƙiyasta, akanta zai tambaye ka daga ina ka samo ta, kuma da zarar ka ce zato ne, sauran takardar ma ta zama zato a idonsa.

Bari in ɗauki misali da rassa shida irin naka, lambobin nawa ne na nuni kawai, kai za ka sa naka. A ce kowane reshe yana kashe minti 25 a rana. Rassa shida sun ci awa biyu da rabi ke nan, a kwana shida na aiki awa 15. Mai haɗawa tana kashe awa ɗaya da rabi kowace safiya, awa 9 a sati. Kiran waya da gyare-gyare da sake turowa, a ce awa 5. Jimilla awa 29 a sati, wanda a sati 50 ya kai awa 1,450. A kwana 24 na awon ana tsammanin fayil 144. A ce 131 sun zo a kan lokaci, 9 sun makara har rahoto ya fita babu su, 4 kuma ko dai ba su zo ba sam ko an sake turo na jiya bisa kuskure. Wannan layi guda ya fi shafi uku na bayani a kan amfanin fasaha ƙarfi.

Amma a nan akwai tarkon da yawancin irin waɗannan takardu ke faɗawa. Sai a ɗauki awa 1,450 a ninka da albashin awa guda, a rubuta cewa kamfani zai yi rarar kuɗi kaza a shekara. Duk shugaban da ya san lissafi zai ce maka: wa za mu sallama? Idan ba kowa, to albashi yana nan yadda yake, babu ko sisi da ya dawo aljihun kamfani. Minti 25 da aka sauke wa mai kula da sito ba kuɗi ba ne a hannu. Ka faɗi haka da bakinka kafin a faɗa maka. Ka rubuta cewa awoyin nan lokaci ne da zai koma ga wani aiki, ka ambaci aikin da sunansa, misali ƙirga kaya a sito ko bin bashin kwastomomi. Idan akwai kuɗin ƙarin lokaci da ake biya saboda zaman yamma, wannan kam rara ce ta gaske, ka sa ta daban.

Hujjar da ta fi awoyi nauyi ita ce tsufan bayanai. Kayan da aka sayar ƙarfe 9 na safiyar Litinin ba za su bayyana a rahoto ba sai an haɗa fayiloli, a ce ƙarfe 11 na safiyar Talata. Awa 26 ke nan. Wanda aka sayar safiyar Asabar sai Litinin, awa 50. A duk tsawon wannan lokaci mai sayo kaya yana yanke shawara a kan adadin da ya riga ya canza. To ka nemi lokuta uku ko huɗu na gaske daga watanni shida da suka wuce inda wannan ya jawo asara: an yi odar kayan da ke jibge a wani reshe, ko an ce wa kwastoma akwai kaya alhali sun ƙare, ko an jinkirta rufe lissafin wata saboda fayil ɗaya. Sashen kuɗi ne za su ba ka darajar kowanne. Kuma idan shugaban sashen kuɗi ya yarda ya sa hannu a takardar tare da kai, rabin aikin ya ƙare, domin takardar ta tashi daga buƙatar masu kwamfuta ta koma buƙatar kamfani.

Yanzu ga abin da na fi so ka tsaya a kansa, don shi ne ke raba takardar da aka yi tunani da wadda aka rubuta don sha'awar sabuwar manhaja. Ma'aikaciyar nan ba kwafa da liƙawa kawai take yi ba. Tana yin aikin da ba a rubuta a ko'ina ba. Ta san cewa reshe na uku yana rubuta sunan wani kaya daban da sauran. Ta san cewa idan cinikin wani reshe ya ninka sau goma a rana ɗaya, sifili ne aka ƙara bisa kuskure. Ta san fayil ɗin da ya yi kama da na jiya sosai, na jiyan ne aka sake turowa. Duk wannan tacewa ce, kuma ranar da ka cire hannunta, tacewar ta tafi da ita sai dai in ka gina ta a cikin tsarin. Manhajar daidaitawa ba ta mamaki. Abin da aka ba ta shi take kaiwa, da sauri, kowace awa, zuwa ko'ina. Saboda haka rajistar gyare-gyaren da ta riƙe maka na sati huɗu ita ce jerin ƙa'idojin da tsarin zai riƙa dubawa. Kuma ita ce ya kamata ta zama mai duba layukan da tsarin ya ƙi karɓa. Ka rubuta wannan a takardar da sunan muƙaminta, ka kuma faɗa mata tun kafin ka miƙa, don kada ta ji a bakin wani cewa ana shirin maye gurbinta da na'ura. Wanda ya ɗauka ana haƙa masa rami ba zai ba ka bayanin da kake nema ba.

Wasu daga cikin kurakuran ma ba na mutum ba ne, halin Excel ne, kuma yana da kyau shugabanni su ga misali ɗaya da idonsu. Lambar kaya `00457` idan aka buɗe ta daga fayil ɗin CSV takan koma `457`, sifilin gaba sun faɗi, sai ta daina dacewa da wadda ke rumbun bayanai. Lambar jikin kaya mai lamba 13 takan bayyana kamar `6.15E+12`, kuma idan aka sake adana fayil ɗin a matsayin CSV a haka, sauran lambobin sun tafi ke nan. Duk lambar da ta wuce lamba 15, Excel yana mayar da na ƙarshen sifili. Kwanan wata `03/04/2025` a wata kwamfutar 3 ga Afrilu ne, a wata kuma 4 ga Maris, gwargwadon yadda aka saita ta. Shi ya sa a tsarin da za ku gina za a wajabta rubuta kwanan wata da shekara a gaba, `2025-04-03`, kuma lambobin kaya a ɗauke su a matsayin rubutu, ba adadi ba.

Akwai wani abin da ya faru da ake yawan kawowa a wannan fage. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila, Public Health England, ta sanar cewa sakamakon gwajin korona 15,841 na tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba. Dalilin da aka bayyana shi ne amfani da tsohon nau'in fayil na XLS wanda iyakarsa layi 65,536, abin da ya wuce haka sai ya zube ba tare da an lura ba. Fayilolinka ba za su kai wannan girma ba, kuma sabon nau'in XLSX yana ɗaukar layi 1,048,576, don haka kada ka tsorata shugabanninka da labarin. Na kawo shi ne don darasin da ya shafe ka kai tsaye: wancan tsari yana da ɓangaren da ke tafiya da kansa, kuma ya yi kwanaki yana zubar da bayanai shiru. Wannan haɗarin yana jiran tsarin da kake nema shi ma.

Na taɓa ganinsa a aikina. A wani kamfani da na yi wa irin wannan aiki, manhajar ciniki ta wani reshe ta daina fitar da sabon fayil bayan an sabunta ta, amma tsohon fayil yana nan a mazauninsa. Kowace awa aikin daidaitawa yana tashi, ya ɗauki fayil ɗin, ya kai hedikwata, ya rubuta cewa ya yi nasara. Kuma ta fuskarsa ya yi nasarar. Fiye da sati ana kallon ragowar kayan reshen a tsaye cak kafin mai sayo kaya ya yi tambaya. A tsohon tsari da an gane washegari, domin mai haɗawa za ta ɗaga waya. Kuskuren nawa ne: na sa ƙararrawa a kan faɗuwar aiki, ban sa a kan tsufan bayanai ba. Tun daga nan abin da nake aunawa shi ne lokacin ciniki mafi sabunta da ya iso daga kowane reshe. Idan a lokutan aiki ya wuce awa uku babu sabon layi, saƙo ya tafi wayar mutum mai suna, ba akwatin imel na sashe ba. Kuma a saman kowane rahoto a rubuta ƙarfe nawa ne bayanin ƙarshe na kowane reshe, yadda manaja da kansa zai ga wanda ya tsaya. Ka sa kuɗin wannan sa ido a kasafi tun farko. Shi ne abin da ake fara yankewa idan aka ce a rage kuɗi, kuma shi ne bai kamata a taɓa ba.

Sai babbar tambayar da kuɗi ba ya amsawa, shugabanni ne kaɗai za su amsa ta: kowane bayani, wa ke da shi? Idan farashin kaya a hedikwata ya bambanta da na reshe, wanne ne gaskiya? A tsarin hannu ana sasanta wannan ta waya, kowace rana da yadda aka yi. Na'ura tana bukatar hukunci guda. Abin da nake ba da shawara shi ne kowane irin bayani ya bi hanya ɗaya tak. Jerin kaya da lambobinsu da farashi suna fita daga hedikwata zuwa rassa, reshe ba ya gyara su. Ciniki da karɓar kaya da fitar da su suna tasowa daga rassa zuwa hedikwata, hedikwata ba ta gyara su, in an ga kuskure reshen ne zai shigar da layin gyara. Ka guji daidaitawa mai kai da komowa a kan bayani ɗaya a matakin farko, domin idan mutum biyu suka canza abu guda tsakanin zagaye biyu, dole ɗaya ya shafe ɗaya, kuma yawanci na ƙarshe ne ke ci ko da shi ne mai kuskure. Wannan hukunci ka sa shi a shafin farko a matsayin abin da kake nema a amince da shi tare da kuɗin. Manajojin rassa da suka saba taɓa farashi da kansu ba za su ji daɗi ba, kuma kai ba ka da ikon hana su. Gara a yi gardamar a ɗakin taro kafin a kashe kuɗi.

Wani abu mai alaƙa da wannan: a turo motsin kaya, kada a turo ragowa kaɗai. Mu ce reshe na biyu ya aika katan 40 zuwa reshe na huɗu ranar Litinin. Na biyu ya cire 40 daga lissafinsa nan take. Na huɗu bai karɓa ba sai Laraba, kuma da ya ƙirga 38 ya samu. Idan ragowa kawai ake turowa, hedikwata za ta ga katan 40 sun ɓace kwana biyu, sannan 38 sun ɓullo a wani wuri, biyun kuma su narke cikin sauran lambobi babu mai bin sawunsu. Idan motsi ake turowa, kuma takardar aikawa da ta karɓa suna ɗauke da lamba ɗaya, tsarin zai nuna 40 a hanya daga Litinin zuwa Laraba, sannan ya fito da giɓin 2 a kan wannan takarda, da sunan reshen da ya aika da wanda ya karɓa. Misali irin wannan, da kayan kamfaninku, shi nake so ya zauna a tsakiyar takardar. Mai kuɗi yana gane shi nan take.

Bayanin yadda tsarin zai yi aiki kuwa ya koma rataye a ƙarshe, shafi ɗaya ya isa, don duk wanda aka ba ya duba ta fuskar fasaha ya ga kun san abin da kuke yi. Abu uku ya kamata ya nuna. Na farko, reshe ne ke turawa, ta hanya mai kariya irin SFTP, kowane reshe da mabuɗinsa, kuma idan intanet ta ɗauke bayanan su taru a kwamfutar reshen su tafi idan ta dawo. A rubuta fayil da suna na wucin gadi, sai an gama turawa a canza masa suna, don kada hedikwata ta ɗauki rabin fayil. A kan Linux, layi ɗaya a `cron` ya isa ya tayar da aikin a minti na 15 na kowace awa, `flock` kuma ya hana sabon zagaye farawa idan na baya bai gama ba:

```
15 * * * * flock -n /tmp/sync.lock /opt/sync/tura.sh
```

A kan Windows, Task Scheduler yana yin wannan aikin, kuma yana da zaɓin kada a tayar da sabo idan na baya yana gudana. Na biyu, turo abu sau biyu kada ya ninka shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin idan intanet ta yanke bayan an karɓi fayil amma kafin reshe ya sami tabbaci, zai sake turowa. Maganinsa kowane layi ya kasance da shaidar da ba ta maimaituwa, wato lambar reshe da lambar rasit da lambar layi a cikin rasit. A PostgreSQL, bayan an sa ƙa'idar `UNIQUE (reshe, rasit, layi)` a kan teburin, ga yadda yake:

```sql
INSERT INTO ciniki (reshe, rasit, layi, kaya, adadi)
VALUES ($1, $2, $3, $4, $5)
ON CONFLICT (reshe, rasit, layi)
DO UPDATE SET kaya = EXCLUDED.kaya, adadi = EXCLUDED.adadi;
```

Na uku, kowane kunshi ya zo da yawan layukansa da jimillar kuɗinsa, hedikwata ta sake ƙirgawa, in ba su dace ba a ajiye kunshin gefe a sanar. A lura kuma da sokewa: idan reshe ya goge rasit gaba ɗaya, tsarin da ke kwaso abin da ya canza kawai ba zai san an goge ba, rasit ɗin zai ci gaba da zama a hedikwata. Don haka ba a gogewa, alamar sokewa ake sawa. Agogon kwamfutocin rassa ma a daidaita su ta NTP, domin wanda ya yi baya da minti ashirin zai iya sa a tsallake layuka.

Akwai tambayar da ban san amsarta daga bayaninka ba sai ka duba, kuma ita ce za ta fi canza kasafin: daga ina rassan suke samo abin da suke cikewa? Idan suna da manhajar ciniki mai rumbun bayanai, kuma kwafowa suke yi zuwa Excel, aikinku mai sauƙi ne, a ɗauko daga tushe a tsallake Excel ɗin. Idan kuwa Excel ɗin shi ne littafin, a cikinsa ake shigar da komai da hannu, to daidaitawa kaɗai ba za ta fitar da ku ba. Wani zai ƙara ginshiƙi, wani zai haɗe gurabe biyu don ya yi kyau, wani zai bar fayil a buɗe da rabin shigarwa lokacin da aikin ya tashi. A wannan hali rabin kuɗin da kake nema na gyara wurin shigarwa ne, ko da fom mai sauƙi ne da ba ya karɓar lambar kayan da ba ta cikin jeri. Ka faɗi wannan ƙarara, in ba haka ba an gudu ba a tsira ba.

A kasafin ka raba kuɗin da za a kashe sau ɗaya da wanda zai riƙa dawowa, ka nuna na shekara uku. Na sau ɗaya ya haɗa da ginawa, horar da ma'aikata, da tsabtace lambobin kaya yadda duk rassa za su kira abu ɗaya da lamba ɗaya. Wannan na ƙarshen a gogewata shi ya fi cin lokaci, kuma ba aikin sashenku ba ne kaɗai, sai da masu sito, don haka ka nemi a ware musu kwanaki a rubuce. Mai dawowa ya haɗa da sabar, lasisi in akwai, intanet na rassa da layin ko-ta-kwana ga waɗanda nasu ke yawan yankewa, kwafin ajiya, da awoyin mutumin da zai riƙa kula. Ku uku ne, saboda haka ka rubuta wa ke riƙe da tsarin da wa zai tsaya masa idan yana hutu. Tsarin da mutum ɗaya kaɗai ya san cikinsa bai fi dogaro da ma'aikaciya ɗaya da ake yi yanzu aminci ba.

Kada ka kawo zaɓi ɗaya. Ka nuna barin abin yadda yake da abin da yake ci, sannan gyara mai arha na fom guda kulle a babban fayil da kowa ke gani, sannan daidaitawar da kake nema, sannan sayen cikakkiyar manhajar da duk rassa za su yi aiki a cikinta kai tsaye. Layi biyu-biyu ya isa. Ka faɗi gaskiya a kan na biyun: yana kashe matsalar imel da fayilolin da ke cakuɗewa, amma shigarwa da hannu tana nan, kuma yana dogara da intanet a lokacin cikewa. Game da yawan zagaye kuma, kada ka nemi kowane minti biyar don kawai zai yiwu. Ka tambaya sau nawa a rana ake yanke shawara da bayanan. Idan oda sau ɗaya ake yi da safe, kowace awa ma ta wadatar har da rara.

Abin da za ka nema a amince da shi yanzu gwaji ne, ba dukkan aikin ba. Rassa biyu, ɗaya mai intanet mai kyau da ma'aikata masu tsari, ɗaya kuma wanda ya fi ba ku wahala, domin gwajin da aka yi a wuri mai sauƙi kaɗai ba ya nuna komai. Sati huɗu a bar tsohon tsari da sabo suna tafiya tare, kullum a kwatanta yawan layuka da jimillar kuɗi, duk bambanci a bi shi har a san wanne ne ya yi kuskure. Za ka yi mamakin sau nawa tsohon ne. A rubuta ma'aunin nasara tun kafin a fara: jimilla ta dace kwana 20 a jere ko an san dalilin kowane bambanci, bayanai ba su wuce awa biyu da tsufa a lokutan aiki ba, kuma da aka cire wayar intanet na wani reshe da gangan, saƙon gargaɗi ya iso kuma bayanan sun cike kansu bayan an mayar. A rubuta kuma cewa idan ba a cim ma wannan ba za a tsaya a koma tsohon tsari, wanda dama ba a rushe shi ba. Shugaba ya fi sakin kuɗi idan ya ga ƙofar fita.

Takardar kanta kada ta wuce shafi biyu ban da rataye, kuma sakin layi na farko ya ɗauki komai, don wataƙila shi kaɗai za a karanta. Da lambobin misalinmu zai yi kama da haka: "Muna neman amincewa da kuɗi kaza don gwajin sati takwas a rassa biyu, na tsarin da zai riƙa kawo bayanan ciniki da na kaya hedikwata kowace awa. A awon da muka yi na sati huɗu, fayil 13 cikin 144 ba su shiga rahoton ranarsu ba, kuma bayanan da ake yin oda da su sukan kai awa 26 zuwa 50 da tsufa. Muna kuma neman a yanke cewa hedikwata ce ke da farashi da jerin kaya, rassa kuma ke da ciniki da motsin kaya. Idan gwajin bai cika ma'aunin da ke shafi na biyu ba, za a tsaya a nan." Sati takwas ɗin, huɗu na ginawa da tsabtace lambobi ne, huɗu na tafiya tare. Ranar da za a daina karɓar fayil ta imel daga rassan da suka ci gwajin ita ma a sa ta a takardar, da sa hannun wanda ke da ikon hanawa, in ba haka ba za a ci gaba da yin biyun, kowane taro a zo da lambobi iri biyu.